Babi na Shida: A Wuyan Wa Hasarar Take?

Duk wanda ya zauna da ma'abota fiƙihu suna bitar babin mu'amalat ya san bambancin da suke yi tsakanin dukiyar da ke hannun mutum a matsayin bashi da wadda ke hannunsa a matsayin amana. Idan ka ranta wa ɗan kasuwa kuɗi, ya shiga fatauci da su, ɓarayi suka tare shi ko kasuwa ta juya masa baya, wannan bai rage maka ko anini ba, domin bashi yana cikin zimmarsa, wajibi ne ya biya cif, kamar yadda da ya ci riba ninkin ba ninki ba ka da rabo a ciki. Amma idan ka ba shi kuɗin ne a kan ya zama wakilinka, ya juya maka su bisa wata lada da kuka yi ittifaƙi a kanta, to, hannunsa hannun amana ne, ribar taka ce, hasarar ma taka ce, ba a kama shi da lamuni sai in an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare sharaɗi. Wanda ya riƙe wannan bambanci da kyau ya riga ya fahimci fiye da rabin abin da ke tsakanin tsare-tsaren fansho biyu da duniya ke bi a yau, da kuma abin da ya auku ga ma'aikatan Nijeriya a shekarar 2004, lokacin da aka fitar da su daga na farko aka shigar da su na biyu.

Tsari na farko shi ne wanda ake ƙayyade abin da ma'aikaci zai karɓa. Tun ranar da aka ɗauke shi aiki akwai ƙa'ida a rubuce wadda ke cewa idan ya yi shekara kaza, albashinsa na ƙarshe kuma kaza ne, to kowane wata za a ba shi kaza har ƙarshen rayuwarsa. Asalinsa a ƙasar nan dokar fansho ce ta 1951, wadda Turawan mulki suka kafa suka kuma mayar da hukuncinta baya zuwa farkon 1946, sa'an nan dokar soja mai lamba 102 ta 1979 ta tattara al'amarin ma'aikatan gwamnati wuri guda. Bisa jadawalin da aka yi aiki da shi a ƙarshen wancan zamani, wanda ya cika shekara 10 yana da fansho na kashi 30 cikin ɗari na albashinsa na ƙarshe, kowace shekara kuma ana ƙara masa kashi 2, har ya kai kashi 80 idan ya cika shekara 35. Ban da wannan akwai garatuti, watau kuɗin sallama da ake bayarwa a dunƙule, wanda ke kaiwa ninki uku na albashin shekara ga wanda ya cika wa'adi. Ba a tambayar ma'aikaci ya san kasuwar hannun jari, ba a kuma nuna masa wani asusu mai sunansa, abin da ke hannunsa alkawari ne kawai, kuma alkawarin bashi ne a wuyan wanda ya ɗauke shi aiki.

Tsari na biyu kuwa abin da ake zubawa ake ƙayyadewa, abin da za a kwasa an bar shi ga abin da hali ya yi. Shi ne wanda jama'a ke kira fanshon karo-karo. Shugaba Obasanjo ya sa hannu a dokarsa a watan Yuni na 2004, an kuwa ɗauko fasalinsa ne daga ƙasar Cile ta Kudancin Amurka, wadda ta fara irinsa a 1981. Da farko ma'aikaci yana zuba kashi 7.5 cikin ɗari, mai aiki, watau wanda ya ɗauke shi, ma haka. Da aka sabunta dokar a 2014 sai aka mayar da na ma'aikaci kashi 8, na mai aiki kashi 10, jimla 18, ana lissafinsu a kan tushen albashi da kuɗin gida da na sufuri. Kuɗin na shiga asusu mai sunan ma'aikaci shi kaɗai. Kamfanin gudanar da fansho da ya zaɓa shi ke yanke shawarar inda za a sa su, amma ba ya riƙe su a hannunsa, wani kamfani ne dabam, ma'aji, yake tsare da su, Hukumar Fansho ta Ƙasa kuma tana sa ido a kan duka biyun. Da zarar mai aiki ya zuba kasonsa na wata, ya sauke farali, babu sauran wani haƙƙi a kansa, ko asusun ya haihu ko ya rame.

Yanzu bari mu ɗauki misali mu bi shi da alƙalami, domin a nan ne maganar ke fita daga duhu. Mu ƙaddara malamin makaranta ne mai albashin naira 200,000 a wata, mu kuma sauƙaƙa wa kanmu lissafi da cewa ƙarfin sayen albashinsa bai canja ba tsawon shekara 35, bayan ritaya kuma Allah ya ba shi shekara 20. A tsohon tsari zai karɓi garatuti naira miliyan 7.2, sa'an nan fansho naira 160,000 kowane wata, wanda a cikin wata 240 ya kama miliyan 38.4, jimlar abin da aka ɗaukar masa alkawari, in ana daidaita fanshon da tsadar kaya, miliyan 45.6 ke nan. A sabon tsari kuwa ana zuba masa naira 36,000 a wata, watau 432,000 a shekara. Idan ribar da kamfanin ya samo ta yi daidai da hauhawar farashi, ba ta wuce ba ba ta gaza ba, zai tarar da abin da ya kai darajar miliyan 15.1, wanda in aka shimfiɗa shi a kan wata 240 zai ba shi kimanin 63,000 a wata. Idan ribar ta riƙa ɗara hauhawar farashi da kashi 3 kowace shekara, asusun zai kai wajen miliyan 26, rabonsa na wata ya zama kimanin 108,000. Idan kuwa ta riƙa gazawa da kashi 2, sai ya tarar da wajen miliyan 11, ya koma gida da kimanin 46,000 a wata.

Mai karatu ya dubi waɗannan adadi uku, 46,000 da 63,000 da 108,000, ya tuna cewa mutum ɗaya ne, aiki ɗaya, zubi ɗaya, bai yi kasala a na farko ba, bai kuma ƙara himma a na uku ba. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce abin da masana ke nufi da haɗarin zuba jari, kuma a tsarin karo-karo dukkanta a kan malamin nan take sauka. Da a ce tsohon tsari ne, kuma gwamnati ta kasance tana ware kashi 18 ɗin nan a wani asusu domin cika alkawarinta, da tazarar tana nan yadda take, sai dai ta koma wuyan gwamnati: in asusun ya kai miliyan 26 ta cika kusan miliyan 20 daga baitulmali, in ya tsaya a 11 ta cika fiye da 34, malamin kuwa ko a jikinsa. Ashe canjin tsari bai kashe haɗarin ba, sauya masa maɗauki ya yi. Lissafin ya kuma tona wani abu da ba a cika faɗa ba, watau cewa kashi 18 ba zai iya sayen alkawarin kashi 80 da garatuti ba sai da riba mai yawan gaske, saboda haka sauyin na 2004 ya haɗa abu biyu a lokaci guda, ya mayar da haɗari kan ma'aikaci, ya kuma rage girman abin da ake sa rai.

To, tun da haka ne, me ya sa aka bar tsohon tsari, alhali ga dukkan alamu shi ya fi tausaya wa ma'aikaci? Amsa ita ce bashi ba ya fin zimmar wanda ya ci shi ƙarfi. Gwamnati ba ta kasance tana tara komai domin ranar biya ba. Fanshon bana daga kasafin bana ake fitar da shi, yana gogayya da albashi da hanyoyi da sauran buƙatu, kuma tsohon da ya bar aiki ba shi da yajin aikin da zai yi barazana da shi. Ma'aikata suka yawaita, aka yi ta ƙarin albashi wanda ke jawo ƙarin fansho, aka cusa sunayen matattu da waɗanda ba a taɓa haifa ba cikin rajista, har ya zamana kafin 2004 ana ƙiyasta giɓin da kusan naira tiriliyan 2. Waɗanda suka rayu a lokacin ba su manta da dattawan da ke kwana a harabar ofisoshi suna jiran tantancewa ba. Ma'aikatan kamfanin jiragen sama na ƙasa, wanda aka rushe a farkon shekarun 2000, sun yi fiye da shekara goma suna bin haƙƙinsu. Ma'aikacin tsohon tsari bai ɗauki haɗarin kasuwa ba, gaskiya ne, amma ya ɗauki haɗarin taurin bashi, wanda ba a rubuta shi a takardar ɗaukar aiki ba. Har ila yau tsarin mulkin 1999 ya wajabta a sake duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, amma sau da yawa wa'adin kan wuce ba a duba ba, hauhawar farashi kuwa ba ta jiran kowa.

Wajibi ne a yi wa sabon tsari adalci a nan. Raba mai juya kuɗi da mai ajiye su hikima ce, kuma ta yi aiki, domin dukiyar da aka tara ta haura naira tiriliyan 20 a 2024, kuma irin wawason da aka saba ji a tsofaffin ofisoshin fansho bai zama al'adar waɗannan asusai ba. Wanda ya bar wani aiki ya koma wani yana tafiya da asusunsa, wanda ya rasu kuma abin da ya bari na magadansa ne. Waɗannan ni'imomi ne na haƙiƙa. Sai dai tsare dukiya daga hannun ɓarawo abu ne guda, tsare darajarta kuma wani abu ne dabam, kuma a wannan na biyun ne nake ganin yawancin masu asusu ba su san inda haɗarinsu yake ba.

Idan aka ce haɗarin zuba jari, abin da ke zuwa zuciya shi ne faɗuwar kasuwar hannun jari, irin wadda ta auku a Legas a 2008, lokacin da ma'aunin kasuwar ya zubar da kusan rabin darajarsa cikin shekara guda. Hukumar Fansho ta yi tanadi domin wannan. Tun daga Yulin 2018 an kasa kuɗin gida-gida bisa shekarun mai su: a ƙa'idar da aka fara da ita, asusu na ɗaya, wanda ba a shiga sai da buƙatar mutum, ana iya sa har kashi 75 nasa a kadarori masu hawa da sauka, na biyu, inda ake ajiye duk wanda bai kai shekara 50 ba, kashi 55, na uku, na masu 50 zuwa sama, kashi 20 kacal, na huɗu kuma na waɗanda suka riga suka yi ritaya ne. Hujjar a fili take, saurayi yana da shekarun da zai jira kasuwa ta farfaɗo, wanda ya rage masa shekara biyu kuwa in ta faɗi a kansa ba shi da lokacin ramawa. Daga baya, a 2021, aka buɗe asusu na shida ga masu ƙyamar riba ta haram, inda ake sa kuɗi a sukuk da makamantansu. Wannan ya warware mas'alar halacci ga mai neman kuɓuta, amma bai ɗauke masa haɗari ba, hasali ma ƙa'idar shari'a ita ce mai cin amfanin dukiya shi ke ɗaukar hasararta.

Amma a ƙasar nan ba faɗuwar kasuwa ce ta fi cin dukiyar masu fansho ba. Fiye da rabin kuɗin, shekara da shekaru, a takardun lamunin Gwamnatin Tarayya suke, waɗanda ba sa faɗuwa a rana ɗaya, suna kuma biyan abin da aka rubuta a kansu na naira ba tare da saɓawa ba. Illar tana cikin nairar kanta. Bayan an saki farashin canji a Yunin 2023, dalar da ake saya a kan wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Mu ƙaddara mutum yana da miliyan 10 a asusunsa, kamfani ya samo masa ribar kashi 15 a shekarar da kaya suka tashi da kashi 30. Takardar da za a aiko masa za ta nuna miliyan 11.5, ya duba ya yi hamdala, alhali kayan da miliyan 10 ke saya bara yanzu sai da miliyan 13, watau ya yi hasarar fiye da kashi 11 na ƙarfin dukiyarsa a shekarar da aka ce masa ya ci riba. Wannan hasara ba ta da ranar da za a ce ta faru, ba a buga ta a jarida, babu kuma wanda za a kai ƙara a kanta, domin kamfanin bai yi sakaci ba, bai ƙetare sharaɗi ba, ladarsa kuma a kan girman dukiyar ake yankarta, ko ta riski tsadar kaya ko ba ta riske ta ba.

Akwai abin lura a nan wanda ya cancanci a tsaya a kansa. A tsohon tsari ma'aikaci yana bin gwamnati bashin fansho. A sabon tsari an cire kuɗinsa daga hannun gwamnati domin a kuɓutar da shi daga taurin bashinta, aka ba kamfani, kamfanin kuma ya waiwaya ya ga babu inda ya fi aminci da yalwar da za ta ɗauki tiriliyoyi sai takardun gwamnati, ya ranta mata. Ma'aikaci ya sake zama mai bin gwamnati bashi ta wata ƙofa, da bambanci guda: dā yana bin ta alkawarin wani kaso na albashi, yanzu kuwa adadin naira kawai ta lamunce, kuma darajar nairar tana bin manufofin da ita kanta take tsarawa. Ban ce da gangan aka shirya haka ba, kuma bashin takarda ya fi alkawarin kasafi ƙarfi nesa ba kusa ba, tun da gwamnatin da ta ƙi biyan takardunta ta rufe wa kanta ƙofar rance. Amma maƙwabtanmu na Gana sun ga iyakar wannan aminci a Disambar 2022, lokacin da gwamnatinsu ta nemi sauya sharuɗɗan basussukanta na cikin gida, aka kuma tsame kuɗin fansho daga shirin a wancan karo bayan ƙungiyoyin ƙwadago sun yi barazanar yajin aiki.

Ranar ritaya ma ba ta kawo ƙarshen tambayar ba, sabon salo take ba ta. Bayan abin da aka yarda mutum ya ɗiba a dunƙule, doka ta ba shi zaɓi biyu. Ko ya bar sauran a hannun kamfanin ana yanko masa kowane wata bisa lissafin shekarun da ake zaton suka rage masa, a nan dukiyar tasa ce, in ya rasu magada su gāda, amma haɗarin kasuwa da na tsawon rai duka suna kansa, domin ajali a wurin Allah yake, mai lissafi kuwa matsakaicin jama'a kawai ya sani. Ko kuma ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya sayi fansho na muddin rai, wanda a haƙiƙa komawa ce ga tsarin alkawari, sai dai yanzu kamfanin inshora ne mai zimma. A nan ba ya tsoron kuɗi su ƙare, amma in ya rasu bayan shekara goman farko da aka lamunce babu abin da zai saura ga magada, adadin da ake ba shi kuma galibi a tsaye yake yayin da farashin hatsi ke tafiya. Wanda ya fara da na farko yana iya komawa na biyu, wanda ya shiga na biyu kuwa ba ya dawowa.

Ba abin mamaki ba ne da masu ƙarfin faɗa a ji suka nemi hanyar fita. An tsame sojoji da jami'an leƙen asiri daga tsarin karo-karo a 2011, aka mayar da su kan alkawarin baitulmali, tsofaffin 'yan sanda kuma sun daɗe suna neman a yi musu haka. Wasu jihohi, irin su Jigawa da Kano, sun bi hanya ta tsakiya, ana karo-karo daga ma'aikaci da gwamnati cikin tukunya ɗaya, amma abin da za a biya yana nan a ƙayyade, watau in tukunyar ta gaza jihar ce ke da alhakin cikawa. Ingancin wannan kuwa ya rataya ne kacokan a kan ko gwamnatin tana zuba kasonta a kan kari, tana kuma kame hannunta daga tukunyar. Ita ma dokar 2014 ta yarda cewa bai dace a bar ƙaramin ma'aikaci shi kaɗai da ƙaddarar kasuwa ba, ta yi umarni da a kafa asusun kariya wanda zai lamunce mafi ƙarancin fansho, amma shekara goma suka shuɗe wannan lamuni bai fara isa hannun mutane ba. A ganina nan ne gyara ya fi wajaba, domin mai albashi mai tsoka yana iya jure shekarun da riba ta gaza, masinja da mai gadi kuwa ba su da wani abin da za su jingina da shi.

Saura abin da ke hannun mai asusu shi kansa, tun da shari'ar wannan tsari ta mai da shi mai dukiya, mai dukiya kuwa shi ke bibiyar wakilinsa. Idan takardar bayanin asusu ta zo maka, fara da duba ko zubin kowane wata ya shiga, domin doka ta ba mai aiki kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya miƙa kuɗin, tare da tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari a wata ba in ya jinkirta, kuma watan da ba a zuba ba ya tafi da ribar duk shekarun da ke gabansa. Sa'an nan ka nemi sanin a wane asusu kake cikin gidajen nan, ka ɗauki ribar da aka ce an samo a shekara ka aza ta kusa da adadin hauhawar farashi na wannan shekarar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayar, ka yi haka na shekara uku ko biyar a jere, kada ka yi hukunci da shekara ɗaya. In ka ga kamfaninka yana bayan takwarorinsa a asusu iri ɗaya shekara bayan shekara, to tun Nuwamban 2020 kana da ikon ɗauke asusunka ka kai wani kamfani, sau ɗaya a kowace shekara, ba tare da an caje ka komai ba.